"Bayani Ya Yi Yawa": Yadda Ɗalibi Zai Amsa Gyaran Malami a Kan Nazarin Waƙa

Cikin gyare-gyaren da malaman adabi kan rubuta da jan biro a gefen takardun ɗalibai, da wuya a sami wanda yake ɗaure kai kamar wannan: "Bayani ya yi yawa, nazari ya yi kaɗan." Wani malamin kan taƙaita ya ce, "Labarin waƙar ka ba ni." Ɗalibin da aka rubuta wa haka yakan rasa inda laifinsa yake. Ya karanta waƙar, ya gane ta, bai faɗi ƙarya ko ɗaya a kanta ba, Hausarsa ta fita, amma makin da ya samu na tsaka-tsaki ne. Da kuskuren rubutu aka nuna masa, da ya san abin gyarawa. To yaya ake gyara rubutun da duk abin da ke cikinsa daidai ne?

Wasu malamai, idan sun mayar da jinga, sukan nemi ɗalibi ya rubuto gajeriyar takarda ta amsa gyaran. Za mu kira ta takardar waiwaye, domin aikinta ke nan: ɗalibi ya waiwayi abin da ya rubuta, ya gano dalilin da ya sa aka yi masa wannan gyara, ya nuna abin da zai sauya. Ba ta cika wuce shafi ɗaya ba. Sai dai ba a iya rubuta ta da kyau sai an fahimci abin da malam yake nufi da yawan bayani, saboda haka daga nan za mu fara.

Bambancin bayani da nazari

Bayani yana amsa tambayar "me waƙar ta ce?" Nazari kuwa yana amsa "yaya ta faɗe shi, kuma me wannan hanyar faɗin ta haifar?" Mai bayani yana bin waƙa daga baitin farko zuwa na ƙarshe yana mayar da ita zube. Mai nazari yana da wata magana tasa da yake son tabbatarwa a kan waƙar, sai ya riƙa ɗauko baitoci a matsayin shaidu.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba su. Ka ɗauki jimla ɗaya daga cikin rubutunka, ka tambayi kanka: shin wani wanda ya karanta waƙar nan da kyau zai iya cewa bai yarda ba? Idan ka rubuta cewa mawaƙi ya buɗe da addu'a, babu mai musa maka, domin kowa yana gani. Wannan bayani ne. Idan ka rubuta cewa yabon da ke cikin waƙar shimfiɗa ce ta gargaɗin da ke tafe, wani zai iya cewa a'a, yabo ne tsantsa. Dole ka kawo hujja. Daga wurin da hujja ta zama dole, daga nan nazari ya fara.

Ɗalibanmu ba don lalaci suke faɗawa cikin yawan bayani ba. Abin da aka horar da su a kai ke nan. A sakandare, wanda ya iya kawo jigon waƙa da taƙaitaccen abin da ta ƙunsa ya haye. A karatun zaure ma, matakin farko shi ne malam ya karanta matani ya fassara shi kalma bayan kalma, almajiri ya riƙe. Wannan mataki ne mai daraja, kuma babu mai tsallake shi. Amma malaman zaure da kansu sun san fassara daban, sharhi daban, kuma ba a kiran mutum masanin littafi don kawai ya iya fassara shi. Jami'a sharhin take nema.

Akwai kuma wani tarko wanda ya fi kama ɗalibai masu ƙwazo. Masu karatun Hausa sun san hanyar nazarin rubutacciyar waƙa da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, inda ake duba tarihin mawaƙi, da jigo, da zubi da tsari, da salo. Masu nazarin waƙar baka kuma suna da Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau. Waɗannan littattafai suna nuna wa ɗalibi inda zai sa ido. Matsalar tana zuwa ne idan ɗalibi ya mayar da kanun nan tamkar fom ɗin cikewa. A ƙarƙashin zubi ya rubuta yawan baitoci da ɗangogi. A ƙarƙashin amsa-amo ya rubuta harafin. A ƙarƙashin salo ya jera kamantawa da siffantawa da mutuntarwa, kowace da misali ɗaya. Ya ga ya cike kowane gurbi, sai ya ɗauka ya yi nazari. Alhali ambaton sunan adon harshe shi ma bayani ne. Mahaucin da ya tsaya yana lissafa sunayen sassan rago, ga ƙafa, ga wuya, ga ƙirji, bai feɗe shi ba tukuna.

Misali daga waƙar Sa'adu Zungur

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce an ba wata ɗaliba 'yar aji biyu jinga ta yi nazarin waƙar Malam Sa'adu Zungur mai suna "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya". Zungur mutumin Bauci ne, ya rasu a 1958, kuma ya yi waƙar ne a wajajen 1950, lokacin da ake ta muhawara a kan sabon tsarin mulkin Nijeriya. A cikinta ya goyi bayan Arewa ta riƙe sarautarta, ya gargaɗi sarakuna su yi adalci, ya kawo musu misalin sarakunan Indiya da mulki ya kuɓuce musu, ya kuma jera cututtukan da ke damun al'umma, irin su karuwanci da barar yara.

Ɗalibar ta rubuta shafi biyar. Shafi ɗaya da rabi ya tafi a tarihin mawaƙin: haihuwarsa, karatunsa a Kwalejin Katsina da ta Yaba a Legas, aikinsa, siyasarsa a jam'iyyun NCNC da NEPU. Sauran shafukan suka bi waƙar baiti-baiti. Ga irin sakin layin da ta rubuta:

"Daga nan sai mawaƙin ya juya ga matsalolin Arewa. Ya ambaci karuwanci, sannan ya ambaci yara masu bara a kan tituna. Ya ce idan waɗannan abubuwa suka ci gaba, Arewa za ta kunyata. A wannan sashe ya yi amfani da salon maimaitawa. Amsa-amon waƙar shi ne 'ya'. Wannan ya nuna gwanintar mawaƙin da kishinsa ga ƙasarsa."

Babu jimlar ƙarya a nan. Amma dubi aikatau ɗin da ke ɗauke da sakin layin: ya juya, ya ambaci, ya ce, ya yi amfani. Dukkansu na mai ba da rahoto ne. Dubi kalmomin haɗi: daga nan, sannan. Na mai jera labari ne, babu "saboda", babu "don haka", babu "amma". An ambaci maimaitawa, ba a faɗi abin da aka maimaita ba balle aikin da ya yi. An ambaci amsa-amo aka bar shi tsaye shi kaɗai. Jimlar ƙarshe kuwa, wadda ɗalibar take gani ita ce sharhinta, za a iya cire ta a liƙa a ƙarshen nazarin kowace waƙar siyasa ta kowane mawaƙi, ta zauna daram. Jimlar da ta dace da kowace waƙa ba ta faɗi komai a kan wannan waƙar ba.

Yanzu ga sakin layin bayan an sake shi, da kayan aiki iri ɗaya:

"Zungur bai ba sarauta goyon baya kyauta ba, ya ɗaura shi a kan sharaɗi, kuma ginin baitocin ne yake nuna haka. A sashen da ya jera cututtukan al'umma, yana ta dawowa ga kalmar sharaɗi guda a farkon magana, sai ya ajiye cuta ɗaya a bayanta, sakamakon kuma ya jinkirta shi. Mai sauraro yana jiran a sauke masa maganar, sharuɗɗan kuma suna ta taruwa, ta yadda idan sakamakon ya iso, nauyinsu duka yake ɗauke da shi. Sannan a wannan sashe da 'mu' yake magana, ya sa kansa cikin masu jin kunyar. Wannan ne ya ba shi bakin yi wa sarakuna gargaɗi a matsayin ɗan gida. Idan aka haɗa wannan da misalin sarakunan Indiya, sai a ga tambayar da ke kan waƙar ta sauya: daga wane tsari za a zaɓa, ta koma me sarauta za ta gyara don ta cancanci a zaɓe ta."

Tsawon sakin layin ya ƙaru, kuma abubuwa huɗu sun sauya. Ya fara da magana wadda za a iya musawa. Ya nuna takamaiman wuri a cikin waƙar. Ya faɗi abin da dabarar take yi wa mai sauraro. Ya kuma ɗaure abin da ya gano da ma'anar waƙar gaba ɗaya. A ainihin jinga, ɗalibar za ta kawo baiti ɗaya ko biyu a matsayin shaida, kuma sharhinta ya kamata ya fi baitin da ta kawo tsawo. Idan baitocin da aka kwafo sun fi sharhin yawa, ko sakin layi ya ƙare da baiti ba tare da an ce komai a kansa ba, alama ce ta cewa an bar waƙar tana yi wa ɗalibi aikinsa.

Amsa-amon ma yana da abin faɗa idan an tambaye shi. Kalmomin biyu da ke kan waƙar, jumhuriya da mulukiya, dukkansu da "ya" suke ƙarewa, haka ma gaskiya, da duniya, da Nijeriya, da Indiya. Wato mawaƙin ya zaɓi amsa-amon da manyan kalmomin muhawararsa za su iya faɗawa a ƙarshen baiti, wurin da murya take sauka kuma kunne ya fi riƙewa. Wanda ya rubuta wannan ya yi nazarin amsa-amo. Wanda ya rubuta harafin kawai ya wuce, ya yi rajistarsa ne.

Haka tarihin mawaƙi. Shafi ɗaya da rabi na tarihi bai taimaki nazarin ba, domin ba a yi amfani da ko ɗaya daga cikinsa wajen fahimtar baiti ba. Abu biyu ne suke da aiki a nan. Na farko, Zungur ya zauna a Legas yana sakataren NCNC, ya ga siyasar Kudu da idonsa, wannan kuwa yana haska fargabar da ke cikin waƙar. Na biyu, Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, aka haɗe masarautunta cikin sabuwar ƙasa, har da Haidarabad ta Nizam a 1948, don haka misalin da ya kawo labari ne ɗanye a kunnen masu sauraronsa. Jimla uku sun isa su ɗauki wannan, kuma wurinsu shi ne kusa da baitocin da suke haskawa.

Kafin a fara rubuta takardar

Takardar waiwaye ba ta fara da rubutu. Tana farawa da bincike a kan jingar da aka mayar. Ɗalibi ya samo biro kala uku, ya bi rubutunsa jimla bayan jimla. Jimlar da ta sake faɗin abin da waƙar ta ce, ko ta ba da tarihi, ya ja mata layi da kala ɗaya. Wadda ta ambaci sunan wata dabara ko wani tsari ta tsaya nan, kala na biyu. Wadda ta yi iƙirari ta kawo dalili, kala na uku. Sannan ya ƙirga. A misalinmu, a ce jimloli sittin ne, aka sami arba'in na kala na farko, goma sha huɗu na kala na biyu, shida kacal na kala na uku. Yanzu maganar malam ta daina zama ra'ayi mai ɗaci, ta zama abin da ɗalibar take gani a kan takarda.

Bayan haka ya duba jerin sakin layukansa. Idan sun bi jerin baitocin waƙar sak, na farko a kan buɗewa, na ƙarshe a kan rufewa, to waƙar ce ta tsara masa rubutu, shi bai tsara komai ba. Sai ya duba gabatarwarsa, ya nemi jimla ɗaya da ta faɗi matsayinsa. Sau da yawa abin da zai tarar shi ne, "A wannan jinga za a duba jigo da salo da tsarin waƙar." Wannan sanarwar tafiya ce, ba ta faɗi inda za a sauka ba. A nan asalin cutar yake: wanda ba shi da maganar da zai tabbatar, ba abin da ya rage masa sai ba da labari.

Ginin takardar

Wani malamin tarbiyya ɗan Amurka, Terry Borton, ya kawo tambayoyi uku a 1970 waɗanda har yau ake koyar da rubutun waiwaye da su. A Hausa za mu iya cewa: me ya faru, to sai me, yanzu kuma sai yaya. Sun isa su riƙe takardar. A kashi na farko ɗalibi ya faɗi gyaran da aka yi masa da irin fahimtar da ya yi masa, cikin kalmominsa. A na biyu ya nuna inda matsalar take a rubutunsa da abin da ya jawo ta, ya kuma gyara wuri ɗaya a gani. A na uku ya faɗi abin da zai riƙa yi nan gaba. Kashi na farko ya zama mafi gajarta, na biyu ya ɗauki fiye da rabin takardar. Ga yadda ta ɗalibarmu za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum Malam. Na gode da gyaran da ka yi mini a jingar nazarin 'Arewa Jumhuriya ko Mulukiya', inda ka rubuta cewa bayani ya yi yawa. Abin da na fahimta shi ne na faɗi abin da waƙar ta ƙunsa, amma ban nuna yadda gininta yake samar da ma'anar ba.

"Na koma na rarraba jimlolina. Cikin sittin, arba'in sake faɗin waƙar ne ko tarihin mawaƙi, goma sha huɗu sunayen dabaru ne, shida ne kawai suka kawo iƙirari da dalili. Na ga kuma sakin layukana sun bi jerin baitoci, kuma gabatarwata ba ta da matsayi. Ina ganin dalilin shi ne na fara rubutu da kanun da muka koya, jigo da zubi da salo, ina cike su ɗaya bayan ɗaya, ban tsaya na tambayi abin da ya haɗa su ba.

"Wurin da abin ya fi fitowa shi ne sakin layi na biyu a shafi na uku. Na rubuta cewa mawaƙin ya yi amfani da maimaitawa, na wuce. Da zan sake, zan ce maimaita kalmar sharaɗi da jinkirta sakamako su ne suka mayar da jerin cututtukan al'umma ya zama sharuɗɗan da aka gindaya wa sarauta. Wannan zai zama matsayin rubutun duka: goyon bayan Zungur ga mulukiya mai sharaɗi ne. Da wannan matsayi, zan rage tarihinsa zuwa jimla uku, in matsar da su kusa da baitocin Indiya.

"Akwai wuri ɗaya da nake neman ƙarin haske. A shafi na biyu na yi bayanin halin da sarakunan Indiya suka shiga bayan 1947, kuma jan layinka ya haɗa da shi. Ina ganin mai karatu yana buƙatarsa kafin ya gane gargaɗin. Shin cire shi ya kamata in yi, ko taƙaita shi?

"A jinga ta gaba, ba zan fara rubutu ba sai na rubuta matsayina a jimla ɗaya wadda za a iya musawa. Duk inda na ambaci sunan dabara, zan bi shi da jimlar da ta faɗi aikinta a wannan baitin. Kafin in miƙa, zan sake yin gwajin kala uku. Na gode, Malam. Allah ya ƙara basira."

Abin da ya sa wannan takarda ta yi aiki shi ne kowace magana a cikinta tana da wurin da za a je a duba. An faɗi shafi, an faɗi sakin layi, an kawo tsohuwar jimla da sabuwa. Malam ba ya buƙatar ya yarda da cewa ɗalibar ta gane, yana ganin ganewar a gabansa. Alkawuran da ta yi kuma irin waɗanda za a iya bincikawa ne a jinga ta gaba.

Inda takardar kan lalace

Babban abin da ke ɓata takardar waiwaye shi ne ita ma ta kamu da cutar da aka rubuta ta dominta. Ɗalibi ya rubuta cewa an ba shi jinga ranar kaza, ya je laburare, ya karanta waƙar, ya rubuta, ya miƙa, malam ya ce bayani ya yi yawa. Wannan labarin jinga ne, kamar yadda jingar ta kasance labarin waƙa. Ana gane shi da alamar nan dai: "daga nan" da "sannan" sun cika shi, "saboda" babu.

Na biyu shi ne takardar ban haƙuri. Tarbiyyarmu ta girmama malami tana sa ɗalibi ya ga abin da ya dace shi ne ya ce ya yi kuskure, a yafe masa, ba zai sake ba. Ladabi abu ne mai kyau, kuma gaisuwa da godiya suna da wurinsu a farko da ƙarshe. Amma malam bai ce an yi masa laifi ba. Ya nuna gurbi ne a cikin aiki. Wanda ya amsa da "gaskiya ne Malam" ba tare da ya nuna inda gaskiyar take ba, bai ba da shaidar cewa ya gane ba, kuma mai yiwuwa ne jingarsa ta gaba ta dawo da jan biro iri ɗaya.

Na uku kishiyar wannan ne, wato takardar kare kai: lokaci ya yi kaɗan, littattafai ba su samu ba, ba a yi mana bayani a aji ba. Ko da waɗannan gaskiya ne, ba su bayyana dalilin da ya sa aka ambaci maimaitawa aka ƙi faɗin aikinta ba, domin wannan ba ya buƙatar wani littafi, waƙar kawai yake buƙata da tambaya ɗaya. Wannan bai hana ɗalibi ya saɓa wa malam ba. Ɗalibarmu ta yi haka a kan bayanin Indiya, kuma ta yi daidai: ta ware wuri ɗaya, ta kawo dalili, ta yi tambaya. Malamin kirki yana jin daɗin irin wannan, domin saɓani mai hujja shi ne ainihin abin da yake ƙoƙarin koyarwa.

Na huɗu shi ne alkawarin da ba shi da hannu ba shi da ƙafa: "Zan ƙara zurfafa nazari." Yaya? A wane mataki na rubutu? Idan ba za a iya duba jinga ta gaba a ce an cika alkawarin ko ba a cika ba, to ba a yi alkawari ba.

Kada a wuce gona da iri

Gyaran malam bai ce a kori bayani gaba ɗaya ba. Cewa ya yi ya yi yawa. Mai karatu yana buƙatar ya san wace waƙa ce, wa ya yi ta, a kan me take, kuma wane sashe ake magana a kai. Waƙoƙin da ke da tsofaffin kalmomi, ko aron Larabci, ko karin harshen Sakkwato, irin na malaman jihadi na ƙarni na 19, sukan buƙaci a fara warware ma'anar baiti kafin a yi sharhi a kansa. Ma'aunin shi ne kowane bayani ya zama yana yi wa wani iƙirari hidima. Idan aka cire jimlar bayani hujja ba ta raunana ba, to jimlar nan kaya ce kawai.

Akwai kuma ɗalibin da idan an ce masa ya rage bayani sai ya faɗa ɗaya ramin, ya riƙa ɗora wa waƙa abin da ba ta ɗauka ba. Ya ce harafi kaza yana nuna baƙin ciki, ko yawan baitoci yana ɓoye wani sirri, ba tare da wata shaida daga cikin waƙar ba. Wannan shaci-faɗi ne, kuma ya fi yawan bayani muni, domin mai bayani aƙalla gaskiya yake faɗa. Duk iƙirarin da aka yi, a iya ɗora yatsa a kan baitin da ya haife shi. Shi ya sa a misalinmu maganar sharaɗi ta tsaya da ƙafarta: kalmar tana nan, maimaicin yana nan, misalin Indiya yana nan, kowa zai iya zuwa ya duba ya yarda ko ya musa.

Su ma malamai akwai abin da ya rataya a wuyansu. Kalma uku a gefen takarda ba sa isar ɗalibin da bai taɓa ganin bambancin bayani da nazari ba. Idan malam ya zagaye jimla ɗaya ya rubuta a gefenta, "Wane aiki maimaitawar ta yi a nan?", ya ba ɗalibi bakin zaren da zai kama, kuma takardar waiwayen da za ta dawo masa za ta fi ma'ana.

Ga ɗalibin da ke riƙe da irin wannan takarda yanzu, kada ka jefa ta cikin jaka don makin ya ɓata maka rai. Ko malaminka bai nemi takardar waiwaye ba, ka rubuta ta don kanka. Ka ware jimlolinka, ka zaɓi sakin layi ɗaya mafi rauni, ka sake gina shi a kan iƙirarin da za ka iya karewa, sannan ka kai wa malam ya gani. Sakin layi ɗaya da ka gyara da hannunka zai koya maka nazarin waƙa fiye da shafi goma na alkawarin gyarawa.